Na'urar tace ruwa tana sake mini gartsi kafin lokacin wanki

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na kafa na'urar rage gartsin ruwa a gidanmu nan Maradi, don ruwan fonfon burtsatse yana barin farin dutse a cikin buta. Na fahimci ƙwayoyin resin ɗinta ke kama kalsiyam da magneziyam su saki sodiyam, ruwan gishiri kuma ya wanke su in sun cika.

Resin lita 25 ne, gwaji ya nuna gartsin ruwan ya kai 50 °f a ma'aunin gartsi na Faransa, muna cin lita 800 kullum. A lissafina, kowace litar resin tana cire gartsin 5 °f daga mita kubik ɗaya na ruwa, 25 × 5 = 125, a raba da 50: mita kubik biyu da rabi, wato lita 2500, kwana uku ke nan. Amma rana ta biyu sabulu ya daina kumfa, gishirin ma bai raguwa sosai. Abin ya dame ni. In ƙara gishiri ne, ko in mai da wankin kwana biyu?