Baba ya ce ya turo, ni kuma akwai maganar da ban faɗa masa ba

Mai neman shawara (an sakaya suna):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 23, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya a Kano. Wani ya zo wajena zance sau huɗu, jiya Baba ya aiko Mama ta ce in gaya masa ya turo magabatansa. Ina son sa, amma abu biyu ban taɓa faɗa masa ba: jinina AS ne, wato ina ɗauke da gadon sikila, kuma ina so in yi aiki bayan aure, aikin namu kuwa har da kwana a asibiti. Gwaggo ta ce in ja bakina, manya za su daidaita komai. In fara faɗa masa da kaina, ko in bari manya su shiga?

Maman Sadik:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki faɗa masa da bakinki, kuma kafin ƙafar kawunsa ko ɗaya ta taka ƙofar gidanku.

Na aurar da 'ya'ya mata uku, na kuma raka na 'yan uwa ban san adadi ba. Yau maganar nan taku ce ku biyu. In ya ji ya ce ba zai iya ba, sai ya daina zuwa, ki yi kukanki a ɗaki na kwana biyu, babu wanda ya sani sai Mamanki. Amma ranar da dattawa uku suka sa manyan riguna suka zo da goro da alewa, aka shimfiɗa musu darduma a falon Babanki, aka ce "mun ba ku", maganar ta tashi daga hannunku. Ta zama maganar mutuncin Babanki da na kawunsa. Daga nan kowane mataki ƙara ɗaure ta yake yi: kuɗin gaisuwa, sa rana, sadaki, akwatunan lefe. Na taɓa zama a ɗakin da ake ƙirga kayan lefe za a mayar, ana duba turmin atamfa ɗaya bayan ɗaya, biyu an riga an kai wa tela an yanka. Uwar yarinyar tana zaune a bakin gado ta rufe fuska da mayafi, ta kasa ɗago kai. Gidajen nan biyu har yau ba sa gaisawa, alhali da can tare suke zuwa biki da suna.

Gwaggonki ba mugunta take nufi ba. A zamaninsu abin da manya ke daidaitawa shi ne asali da hali da sana'a, kuma sun iya wannan binciken fiye da ku nesa ba kusa ba. Amma babu kawun da zai zauna gaban surukai ya ce "yaronmu zai yarda matarsa ta kwana a asibiti?" Ko an tambaya, "ai babu komai" za a ce don kunya. Wanda zai kwana shi kaɗai a gidan ba ya cikin falon ma.

Ga yadda zan so ki yi. Kada ki je wa Baba da "a'a", kada kuma ki yi shiru. Ki samu Mama da daddare bayan an gama hidima, ki ce mata kin ji saƙon Baba kuma kin karɓa, amma kina roƙon mako biyu don akwai maganar jini da ta aiki da kike so ku gama da shi. Uwa ta san yadda za ta shigar wa mijinta da wannan. Uban da ya ce a turo tsoron doguwar hira marar ranar ƙarewa yake yi, in ya ji an yanka kwanaki hankalinsa zai kwanta.

Sai ranar zancen. A inda kuka saba zama, soro ko falo, ƙofa a buɗe, ƙannenki suna shige da fice. Ba a waya ba, ba a rubuce ba, domin fuskarsa kike so ki gani. Ki fara da saƙon Baba, don ya san ba korarsa za ki yi ba. Sannan ki ce: "Kafin ka sanar da su Abba, akwai abu biyu da ya kamata ka ji daga bakina." Ki faɗi na jinin tukuna. Na aikin kuma kada ki tsaya a "za ka bar ni in yi aiki?", kowane saurayi "me zai hana" yake cewa. Ki zayyana masa: akwai makon da za ki fita da magariba sai safiya, za ki duba marasa lafiya maza, wata Sallar a bakin aiki za ta same ki. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Wanda ya tambaye ki wa zai riƙa kai ki, ina za a bar jariri, yaya za a yi da girki, wannan ya ɗauki maganar da gaske. Wanda ya yi dariya ya ce "ke dai bari a yi auren", amsa ya ba ki, kuma amsar ita ce a'a. Kada ki matsa masa ya yanke a ranar, ki ba shi mako guda.

Abu Hanif:

Ni ban gamsu ba Hajiya. Wannan duk hanyar shaiɗan ce ake buɗewa. Mace ba ta aurar da kanta, babu aure sai da waliyyi. Mahaifinta ya yi magana, nata biyayya. Duk abin da ke ranta ta faɗa wa mahaifinta shi ya isar. Irin wannan "mu fahimci juna" ne ya sa ake shekara uku ana zance babu aure.

Malam Ɗan Zariya:

Abu Hanif, maganarka ta waliyyi gaskiya ce, haka ma ta doguwar hira. Amma ba keɓewa aka ce ta yi ba, a gidan ubanta za ta zauna da sanin uwarta. Kuma ka tuna da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Annabi (SAW) ce masa ya yi ya je ya dube ta, domin hakan ya fi sa a daidaita tsakaninsu. Khansa'u 'yar Khizam kuwa ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren. Idan ana neman izinin budurwa, to ta ba da izini a kan me in ba ta san matsayin mutumin ba?

Inda zan ƙara a kan maganar Hajiya shi ne, alkawarin soro ba shi da shaida. Duk abin da kuka amince a kai, 'yar uwa, ki maida wa mahaifinki, shi kuma ya faɗe shi a gaban magabatan yaron ranar da suka zo: "'Yarmu ma'aikaciyar jinya ce, za ta yi aiki har da na dare, ɗanku ya ce ya yarda, ku ma kun ji?" Ku ne na farko, manya ne na biyu, amma kada a tsallake na biyun.

Ummu Hanan:

Wallahi Malam ka taɓa min inda yake min ciwo. Ni na faɗa wa nawa tun a waje, ya rantse zan ƙarasa digirina. Ban gaya wa kowa a gida ba, na ɗauka maganarmu ta isa. Wata huɗu da tarewa mahaifiyarsa ta ce ita ba a yi haka da ita ba. Da na kai kuka gida Babana ya ce "da wa aka yi wannan maganar?" Ban da amsa. Shekara shida ke nan, takarduna suna ƙasan akwati. Ki tambaye shi kai tsaye ko mahaifiyarsa ta sani, kuma a ina za ku zauna, gidansu ko naku.

Sarauniya:

Ƙawata in ba kya son sa kawai ki fito ki faɗa, zamanin auren dole ya wuce. Kuma ni O ce mijina A, yaranmu uku lafiyarsu ƙalau, ki daina tsorata kanki da maganar jini.

Yaya Nas:

Sarauniya, ta ce tana son sa. Kuma O da A rukunin jini ne, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Nata maganar ta sikila ce, abu ne daban.

Ƙanwata, ke 'yar gida ce a wannan fannin, amma bari in faɗa saboda masu karantawa. In shi AA ne, wato ba ya ɗauke da gadon sikila, babu ɗanku da zai zo da SS, wato ciwon sikila. In shi ma AS ne, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba. Na yi jinyar yara uku 'yan ɗaki ɗaya duk masu sikila, uwarsu ta san kowane benci na asibitin. In takardarsa ta nuna AC, shi ma a zauna da likita, domin AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne.

Kada ki karɓi "ai ni AA ne, an taɓa gwada ni a sakandare". Ana samun kuskure a sakamako. Ya sake yi yanzu a asibitin da aka yarda da shi, ki ga takardar da idonki, ke ma ki sake naki ki nuna masa don kada ya ji kamar tuhumarsa kike. In an yi wa mutum ƙarin jini a watanni ukun da suka wuce, a jinkirta, sakamakon yana iya rikicewa.

Wani zai ce ai tun 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da jinin sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, don haka dole za a sani. Haka ne. Amma yaushe mutane suke zuwa? Saura mako biyu ɗaurin aure, an raba kati, an yi jere. A lokacin ne ake jin "a bar wa Allah", a rufe ido a ɗaura. Na ga amarya da lalle a hannu tana riƙe da takardar tana rawar jiki.

Abu Hanif:

Na jinin na yarda, lalura ce. Na aikin dare dai har yanzu ina ganin ba ita ya kamata ta kafa sharaɗi ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa Mama magana, Baba ya ce kwana goma ya ba ni, ba mako biyu ba. Gwaggo ta yi fushi, ta ce zan kori mijin da hannuna.

Ya zo daren Juma'a na faɗa masa duka. Ya daɗe yana juya makullin mashin ɗinsa a hannu bai ce komai ba. Daga baya ya ce bai taɓa yin gwajin ba, amma akwai ɗan yayarsa mai sikila, zai je ranar Litinin. Na aiki ya ce na rana babu matsala, na dare sai ya yi tunani, kuma ya tambaye ni ko ana iya samun asibitin da ba a kwana. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba.

Maman Sadik:

Ki ɗauke shi a mutumin da bai yi miki ƙarya ba. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da ba a kwana, amma ba ke za ki zaɓi inda za a tura ki ba, ki gaya masa hakan kada ya gina a kan abin da ba ya hannunki. Tunda ɗan yayarsa yana da shi, akwai shi a danginsu, sai ki shirya zuciyarki ga kowane sakamako. Kada kowa ya sayi goro sai takardar Litinin ta fito. Gwaggo kuma ki kai mata ko turare ne ki ba ta haƙuri, za ki buƙace ta nan gaba.