Kalmomin da suka dace da fassarar aya

A zaman da wasu malamai da ɗaliban fassara suka yi a Zariya, an fi tsayawa a kan Bismillah, inda aka saba cewa "Mai rahama, Mai jinƙai". Dattawa sun ba da shawarar a riƙe waɗannan kalmomi, domin sun zauna a kunnen jama'a tun daga zauren tafsiri, kuma "Mai tausayi", duk da sauƙinta, ba ta ɗauke nauyin rahamar Ubangiji ba. Ni ma ina tare da su a nan. Sai dai an yi gargaɗi cewa idan tsohuwar kalma ta ɓace daga bakin mutane, har mai sauraro ya koma cankar ma'anarta, to a ɗauko wadda ake amfani da ita yau, a karanta jimlar a bayyane ga yaro da tsoho, a ji abin da kowannensu ya fahimta kafin a rubuta.