Sun riƙe min kuɗi, kullum sai "ki ƙara haƙuri"

Maman Ikram: Salamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, barci ma ya gagare ni. Keken ɗinki na saya wa 'yata ta intanet, ta gama koyo, na daɗe ina tari, babanta ma bai so ba. Har yau bai iso ba, an doshi wata uku. Duk ma'aikacin da na samu a wajen hirar kamfanin sai na faro labari daga tushe, ya ce an miƙa wa sashen da ya dace, ya rufe. Yaushe zan kai ƙara, me kuma zan rubuta?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Hajiya, da kati kika biya? In Visa ne ko Mastercard, galibi kwana 120 gare ki, daga ranar da suka ce kaya zai iso. Hirar nan ba ta tsayar da lissafin, shi ya sa jan rai yake musu daɗi. Yau ki ɗauki hoton hirar da lambar ƙorafin, ki tura imel gajere: "Na biya kaza ranar kaza, lambar oda kaza. Kun ce zai iso ranar kaza, bai iso ba. Ku mayar min da kuɗina cikin kwana 7, in ba haka ba zan shigar da ƙara a bankina." Kada ki sa labarin Ikram, kada ki yi zagi. In wa'adi ya cika, sai banki.

Anti Bilki: Ni ko imel ba zan yi ba. Ki ce wa banki damfara ce, ba ki san da cirar ba, sun fi saurin motsi.

Baban Yusra: A'a, Anti. Ita ta biya da hannunta. Kamfanin zai nuna shaidar odarta, ƙarar ta faɗi. "Kaya bai iso ba" za ta ce, shi ne gaskiya kuma shi ke da hujja.

Ɗan Auta: Ni nawa ma takalmi ne, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Sai da na tona su a shafinsu suka kira ni. Mutanen nan ba sa tsoron Allah.

Maman Ikram: Da kati ne. Amma ma'aikaciyar da na samu jiya tana da kirki wallahi, ta ce an riga an mayar, in jira kwana 10 na aiki. Ina tsoron in kai ƙara su rufe min asusu.

Baban Yusra: To ki ce ta ba ki ARN, lamba ce mai alƙaluma 23 da banki ke bin sawun kuɗin da ita. In babu, kada ki jira. Wace rana ce suka ce zai iso?

Anti Bilki: Su rufe mana, asusun me?

Maman Ikram: Zan duba ranar. Amma dai bari in ba ta kwanakin nan, ta yi min alkawari.