Katinta a aljihuna, alat a wayarta

Malamin Firamare:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau ni ne da kuka, don Allah a amsa min da gaskiya ko da za ta yi min ɗaci.

Dubu 90 nake ɗauka duk wata,
Uwargida ta ninka ni uku da atamfarta.

Da kaya suka yi wuta sai ta miƙo min kati,
Ta ce riƙe, ka dinga cike cefane da asusunta.

Amma ko 500 na zara gun mai cire kuɗi,
Kafin in juya alat ya riga ni wayarta.

Ran Talata na cire dubu 7,
Biyar na gas, biyu maganin Inna da ƙafarta.

Ban kai gida ba sai ga kira, "na mene ne?"
Gaban abokai na tsaya ina lissafa mata.

In mai da katin ne mu koma tuwo da kuka,
Ko in ci nama ina ɗan aike a gidanta?

Ɗan Sabon Gari:
Haba malam wallahi raina ya ɓaci da na karanta.

Mai da mata katin tun kafin dare,
Ci da sha na gida ai dama yana wuyanka.

Gara gaya da barkono kana maigida,
Da farfesun da ake ƙirga maka lomarka.

Kuma ita da kuɗin duk a ƙarƙashinka suke,
Ba ta da ikon kashe sisi sai da izininka.

Ranar da mace ta fara cewa "na mene ne",
Ranar ta fara gwada tsawon rawaninka.

Uwar Biyu:
A'a Ɗan Sabon Gari tsaya mana, ni ma sana'ar nan nake yi shekara 9 ina saro kaya a Kwari, kuma abin da maza da yawa ba sa ganewa shi ne kuɗin da ke cikin asusun 'yar kasuwa ba duka ne nata ba, ka ga dubu 400 ka ce ai Hajiya ta tara alhali rabi na dila ne da ya ba ta kaya bashi.

Malam ka ga kuɗi a asusu ka ce riba,
Mafi yawansu sunansu jari.

Turmi goma ta ɗauko bashi a Kwari,
Asabar dila zai kira, ba ya jin "bari".

Ga zubin adashi duk Juma'a yana jira,
In ta makara uwar adashi ta tona ta a gari.

Ga masu anko da suka ba da rabin kuɗi,
Shi ma amana ne, ba na yin cefane da sauri.

To in alat ya shigo dubu 7 sun fita,
Dole ta san ta ina aka huda tukunyar tun fari.

Ban ce ta kyauta ba da kira gaban mutane,
Wannan kam da ta jira ka shigo, ta yi haƙuri.

Laifin da na gani babba shi ne kati ɗaya ga kasuwa da kicin, ko ni mijina ban ba shi wannan katin ba kuma ba don ban yarda da shi ba ne.

Maman Ilham:
Ni dai da na ga maganar sa ido sai tawa ta taso, ku yi haƙuri in ba ita ake yi ba.

Nawa shi ne mai samun, ni ina gida,
Makullin sito kullum yana aljihunshi.

Magi huɗu zai ƙirgo ya ajiye min,
In na sa biyar da dare sai na yi bayani gabanshi.

Ƙanwata ta zo na zuba mata shinkafa,
Ya auna buhu da ido ya ce an taɓa mishi.

Malam kai ko kati aka ba ka a hannu,
Ni kuɗin kati na waya sai na roƙe shi.

Ɗan Sabon Gari:
To kin ji, ai shi namiji ne, da kuɗinsa yana da ikon ya tambaya, ba ɗaya ba ne da na malam.

Baba Na Zaure:
Ɗana Ɗan Sabon Gari, rabin maganarka daidai ne rabi kuma ka ɗora wa shari'a abin da ba ta ce ba, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiyarka, ciyarwa tana kan miji,
Ko matar ta fi shi dukiya nesa ba kusa ba.

Ci da sutura da wurin kwana nasa ne,
Arzikinta bai sauke masa ko mudu ba.

Amma gwargwadon ƙarfinsa aka ɗora masa,
Duba Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 7, ba a matsa ba.

Mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa,
Mai ƙunci daga abin da aka ba shi, ba a ce ya ƙara ba.

Inda ka kauce: kuɗinta nata ne ita kaɗai,
Aure bai mai da jarinta na miji ba.

Abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa,
Kyauta ce in ta haura sulusi, ba ciniki ba.

Nan ne miji ke da ta cewa ya hana,
Shi ma hanawa ce, ba a ce ya ɗauka ya ci ba.

Sai ke 'yata Maman Ilham, taki ma tana da amsa tun zamanin Annabi (SAW). Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa mai maƙo ne ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, aka ce mata ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. To magi na biyar a miya bai kai abin da za a tsare ki a kansa ba, in abin ya yi yawa ki sa manyanku su zauna da shi.

Kai kuma malam ga taka:

Zainab matar Abdullahi Ibn Mas'ud ta fi mijinta abin hannu,
Ta aika tambaya ko ciyar da shi zai zama lada.

Aka ce lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunta,
Ba a ce Abdullahi ya zubar da girma ba a fada.

Don haka cin naman matarka ba abin kunya ne ba,
In da daɗin rai ta bayar, Suratun Nisa'i ta shaida.

Sai dai abin da ta ba ka don cefane na cefane ne,
Maganin Inna hakkinka ne kai, a nan ka karya ƙa'ida.

Malamin Firamare:
Baba na ji kuma na karɓa, gaskiya ban gaya mata zan sai wa Inna magani ba, ranar 24 ga wata ce albashi ya ƙare kuma na san da na tambaya ba za ta hana ba don ita ma tana kai mata kaya, tambayar ce take min nauyi.

Ba dubu biyun ne ke cina ba Baba,
Bakin da zan buɗe in ce "ki ba ni" ne.

Da can ni ke miƙawa tana godiya,
Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin ya juye ne.

Mashin ɗina kaɗai yana shan dubu 15,
Cefanen dubu 2 kullum, 60 kenan a wata, ku gane.

Inna dubu 10, saura 5 a hannuna,
Gas da nama da makarantar yara duk nata ne.

Uwar Biyu:
Yauwa yanzu ka zo inda ake so, tunda ka san lissafinka haka ai aikin ya yi sauƙi. Ga yadda muka yi a gidana bayan mun kusa kai wa ga iyaye.

Ku zauna da dare bayan yara sun yi barci,
Ba ranar da aka yi faɗa ba, ranar da ake dariya.

Ka faɗi naka: hatsi, cefane, mai, da na Inna,
Ta ji da kunnenta inda dubu 90 ke tafiya.

Sai ita ta faɗi abin da za ta iya ƙarawa,
Daga riba, bayan dila da adashi sun sha biya.

In dubu 40 ne to dubu 40 ne,
Ta tura maka sau ɗaya farkon wata, a rufe shafi ɗaya.

Ka mai da mata katinta da hannunka,
Alat ɗinka ya dawo wayarka, ita ma ta huta da bibiya.

Kuɗin makaranta ta biya da kanta kai tsaye,
Kar ya bi ta hannunka balle a yi jayayya.

Kuma a ware maka ko dubu 5 na aljihu,
Na suna da gaisuwa da shayi, ba mai tambaya.

Amma fa sharaɗi, in dubu 40 ɗin suka ƙare ran 20 kar ka koma kana ɓoye-ɓoye ko cin bashin mai shago da sunanta, ka faɗa a sake lissafi, kuma watan da kasuwa ta mutu kamar bayan sallah ita ma ta faɗa da wuri a rage, kar ta yi shiru tana ba ka tana ƙullatarka a ciki, don wannan shirun ne yake fitowa a "na mene ne".

Baba Na Zaure:
Ƙari ɗaya a kan na Uwar Biyu.

Ku kira kuɗin da sunansa tun ranar farko,
Kyauta ce ko rance, a faɗa da baki.

Na zauna sulhu inda mata ta zaro littafi,
Shekara 6 tana rubutawa, miji na zaton kyauta ce ta kirki.

Shi ya rantse bai ci bashi ba, ita ta rantse ta ba da,
Kowa da gaskiyarsa, aka rasa inda za a sa hakki.

Ɗan Sabon Gari:
Na yarda na yi kuskure a maganar izini, Baba ya fi ni sani. Amma ni har yanzu

Ko sau ɗaya a wata ne sunansa karɓa,
Mai karɓa kuwa idonsa na ƙasa.

Gara ya nemi lesin da yamma ya ƙara samu,
Ko dubu 20 ce, tasa ce, ba mai tuhumarsa.

Malamin Firamare:
Lesin ɗin ina nema dama, akwai wani gida da suka ce bayan hutu. Jiya na mai da katin, ta yi shiru sannan ta ce ita ba korata ta yi ba, na ce na sani, mun tsayar da dubu 35 don ta ce 40 zai taɓa adashi.

Na ce kyauta ce ko rance, ki faɗa min,
Ta ce na abinci kyauta ne har abada.

Amma dubu 300 da ta sa a filin da na saya,
Ta ce wannan kam sai an sa sunanta a takarda.

Baba filin nan da sunana aka rubuta tun bara kuma ni na biya fiye da rabi, yanzu yaya ake raba irin wannan, da kuɗin da kowa ya zuba a lokacin ko da abin da filin ya kai yau?