Bashin wayar yaro ɗan shekara 16: wa zai biya?

Sani Mai Waya: Salamu alaikum. Wani yaro ɗan shekara 16 a unguwarmu nan Kano ya karɓi waya a shagona a kan naira 90,000, ya ba da 30,000, saura 60,000 zai riƙa kawowa kaɗan-kaɗan duk wata. Wata uku ke nan ko sisi. Na je wajen mahaifinsa, ya ce shi bai aike shi ba, kuma ba a bin yaro bashi. Ni kuwa na ce ciniki ciniki ne, wanda ya iya taya kaya ya iya biya.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Sani, gaskiyarka. Ɗan shekara 16 ai ba yaro ba ne, ya balaga, azumi ma ya hau kansa. Shari'a balaga ta sani. In shi ba shi da kuɗi uban ya biya, ai ƙarƙashinsa yake. Ka kai su wajen 'yan sanda kawai, kafin la'asar kuɗinka sun fito.

Barista Hadiza: Alhaji, don Allah a bar batun 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani. In aka tsare yaron nan ko ubansa, Malam Sani ne zai koma mai amsa tambaya.

Malam Sani, zan faɗa maka yadda abin yake a dokar ƙasa, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, kuma sashe na 18 ya ce duk yarjejeniyar da yaro ya ƙulla ta biyan rancen kuɗi ko kuɗin kayan da aka ba shi ɓatacciya ce, sai fa in kayan na larura ne. Ita wannan doka sai jiha ta yi irin tata take aiki a cikinta, amma hakan ba zai cece ka ba, domin hukuncin ya girme ta. Tun zamanin Turawa kotunanmu suke aiki da wata dokar Ingila ta 1874 mai faɗin haka. A 1924 aka yi shari'ar Labinjoh da Abake a Legas. An ba wata yarinya kaya bashi don ta sayar, yarinyar ba ta biya ba. Aka kawo hujja irin ta Alhaji, cewa ai ta balaga. Babbar kotu ta ce in da dokar Ingila za a yi hukunci, balaga ba ta isa ba, sai shekara 21. To ko 18 aka ɗauka ko 21, yaronka yana ƙasa.

Alhaji Garba: Wannan ai dokar Turawa ce, Barista. Musulmi biyu a Kano, kotun shari'ar Musulunci za su je.

Barista Hadiza: Haka ne, suna iya zuwa can, kuma ita ma waccan shari'ar ta Legas an mayar da ita ƙaramar kotu don a bincika ko akwai al'adar da ta hau kan cinikin. Wannan ɓangaren Malam Bashir ya fi ni sani.

Malam Bashir: Alhaji, rabin maganarka daidai ne. Balaga da alamominta ake gane ta, in babu alama ko ɗaya sai a koma ga shekaru, wanda ya shahara a mazhabar Malikiyya kuma shi ne 18. Saboda haka ɗan 16 zai iya zama baligi. Amma balaga kaɗai ba ta sakar wa mutum hannu a dukiya. A Suratun Nisa'i aya ta 6 an ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Abu biyu ke nan, balaga da iya riƙon dukiya. Wanda ya balaga amma bai san ciwon kuɗi ba, hannunsa a ɗaure yake har yanzu.

Hukuncin yaro mai wayo kuwa, a Muhtasar na Shehu Halil an rarrabe tsakanin ƙulluwar ciniki da zartuwarsa. Wayo ya isa ciniki ya ƙullu, amma ba ya zama dole a kan yaron. Yana rataye ne sai waliyyi ya duba. In ya ga maslaha ya zartar, in bai gani ba ya warware. In ya warware, Sani ya karɓi wayarsa, yaro ya karɓi 30,000 ɗinsa. Kuma uba ba ya biyan bashin ɗansa daga aljihunsa don kawai ya haife shi, sai in shi ya aike shi ko ya tsaya masa.

Maman Husna: To ni kun tsorata ni. Kullum ina aiken Husna, shekararta 9, shagon bakin layi ta karɓo taliya da mai a rubuta, ƙarshen wata babanta ya biya. Kenan duk wannan cinikin ɓatacce ne? Mun daɗe muna cin haram?

Malam Bashir: A'a Hajiya, naki daban ne. Husna 'yar aike ce, cinikin tsakaninku ne da mai shago, bashin kuma a wuyanku yake. Inda ake samun rikici shi ne ranar da yaro ya je ya ce an aiko shi alhali ba a aike shi ba.

Barista Hadiza: A dokar ƙasa ma haka. Gidan da ya saba aiken yaro yana kuma biya, da wuya ya zame ranar da yaron ya karɓo irin kayan da aka saba, domin su suka koya wa mai shago ya yarda da shi. Amma sabon aiken taliya ba zai rufe wayar 90,000 ba.

Sani Mai Waya: Barista, kin ce sai kayan larura. Yau waya ai larura ce. Yaron ɗan sakandare ne, da ita ake duba sakamakon jarrabawa, da ita ake tura kuɗi.

Barista Hadiza: Wannan ce hujjarka mafi ƙarfi, amma kai ne za ka tabbatar da ita, kuma tambaya biyu alƙali zai yi. Ta farko, kayan sun dace da matsayin rayuwar yaron? Ta biyu, yana da buƙatarsu a lokacin da aka sayar aka miƙa masa? Ta biyun ce take kayar da 'yan kasuwa. A Ingila a 1908, a shari'ar Nash da Inman, wani tela ya ɗinka wa ɗalibin jami'ar Kambirij tufafi bashi, ciki har da falmaran 11 na ado. Tufafi larura ne, ba mai musu. Amma uban ya shaida cewa ɗansa yana da isassun kaya tun kafin nan, sai tela ya tashi a tutar babu. Ba ruwan kotu da cewa telan bai sani ba.

To yaronka yana da wata wayar kafin ya karɓi taka? In yana da ita, ko ƙarama ce mai maɓallai, hujjar ta yi rauni ƙwarai. Sannan ko an yarda larura ce, abin da za a ba ka shi ne farashin da ya dace, ba lallai wanda kuka yi ba. In wayar 75,000 take a kasuwa ka ɗora 15,000 saboda bashi, ragowar da za a lissafa maka 45,000 ce, ba 60,000 ba.

Sani Mai Waya: Yana da ƙarama, na gan ta a hannunsa. Amma ya ce min shekararsa 19, ga shi dogo har da gemu ya fara.

Alhaji Garba: To kun ji! Yaudara ce wannan. A bar shi ya ci bulus don ya iya ƙarya?

Barista Hadiza: Ƙaryar ba ta mayar da shi babba, kuma ba ta rayar da yarjejeniyar. Abin da take jawowa shi ne kotu ta tilasta masa dawo da kayan in suna hannunsa. In ya salwantar, ba za a ce ya biya kuɗinsu ta bayan gida ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci yanzu ita ce, ina wayar take?

Sani Mai Waya: Tana hannunsa, amma gilashin ya fashe. Yanzu ko 50,000 ba za ta yi ba.

Auwalu Tela: Ni dai a nan nake ganin an cuci mai kaya. Kun ce a warware, Sani ya mayar da 30,000 ya karɓi fasasshiyar waya. Yaro ya more wata uku kyauta, asarar 40,000 ta faɗa kan wanda ya yi masa alheri. Gobe kowane yaro sai ya yi haka.

Malam Bashir: Auwalu, akwai zafi, ban musa ba. Amma malamanmu sun bambanta abu biyu. In yaro ya jefi gilashin shagon Sani ya fasa, ana biya daga dukiyar yaron, ƙuruciya ba ta kare shi. In kuwa kai ka ɗauki kayanka da hannunka ka damƙa masa, kai ka ɗora shi a kai, abin da ya lalace ba ya ramawa. Babba shi ke da damar ya ce je ka zo da mahaifinka, yaro ba shi da wannan hangen.

Barista Hadiza: A nan kuma dokar ƙasa ta fi sassauta wa Malam Sani. Kuɗin da yaro ya riga ya biya a kan abin da ya karɓa ya kuma yi amfani da shi, ba kasafai kotu take cewa a mayar masa ba. Wato a kotun majistare zai iya rasa 60,000 ɗin amma ya riƙe 30,000. Kuma kada ka jira ya cika 18 ka sa shi ya yi maka alkawari, sashe na 18 ɗin da na ambata ya toshe wannan ƙofar ma.

Auwalu Tela: Ni abin da ban gane ba, wata uku uban yana ganin sabuwar waya a gidansa bai tambayi daga ina ba. Sai da aka zo karɓar kuɗi ya tuna ɗansa yaro ne. Shirun nan ba yarda ba ne?

Malam Bashir: A wajen Hanafiyya, waliyyin da ya ga yaronsa yana saye da sayarwa ya yi shiru, ana ɗaukar shirunsa izini. Amma ganin waya a hannun yaro daban, sanin cewa bashi ce daban. Zai iya cewa ya zaci kyauta ce ko aro. Sani, akwai wanda zai shaida uban ya san da bashin kafin ka je?

Sani Mai Waya: Yayan yaron ya taɓa zuwa shago ya ce in ƙara haƙuri, wai Baba ya ce za a kawo.

Barista Hadiza: Ka nemo wanda ya ji wannan maganar. In uban ya ce za a kawo, ana iya cewa ya zartar da cinikin, sai dai yayan zai iya cewa shi ya ƙirƙira don ya kwantar maka da hankali.

Alhaji Garba: Ni har yanzu ban gamsu ba, mai gemu ba yaro ba ne. Amma Sani, ka je wajen mai unguwa da yayan nan tukuna. Ka nemi wayar, ka riƙe 30,000 a madadin fashewar, ko uban ya cika maka wani abu ya bar wa ɗansa ita.

Sani Mai Waya: Maƙwabcin shagona yana wajen ranar da yayan ya zo. Zan same shi yau da daddare, gobe in je gidan mai unguwa.