Kwanakin ƙarshe a rahotona kullum kamar talla ta mutu, bayan mako sai su cika

Rabi: Jama'a sallama. Ina sayar da kayan ɗaki ta intanet, ina talla a Google Ads. Duk safiyar da na buɗe rahoto, jiya da shekaranjiya ne suka fi muni. An kashe kuɗi kamar kullum, amma sayayya rabin abin da na saba gani. Makon jiya raina ya ɓaci na rage kasafin kamfen ɗin da rabi. Yau na koma na duba waɗancan kwanakin da suka tsorata ni, sai na tarar sun cika, adadinsu ya kai na sauran. Ni ban taɓa komai a rahoton ba. Wa ya taɓa ganin haka, kuma yaya kuke yi?

Malam Isa: Wa alaikumus salam Hajiya. Na sha ganinsa, kuma ni ma na taɓa kashe kamfen mai kyau saboda shi. Ginshiƙin nan da ake kira `Conversions` ba ya rubuta sayayya a ranar da aka saya, yana mayar da ita ranar da mutumin ya danna tallar. Wanda ya danna ranar Litinin, ya je ya yi shawara da iyali, ya auna ɗakinsa, ya dawo ya biya ranar Juma'a, to Litinin za a ƙara wa. Kuɗin dannawar kuwa tun Litinin ɗin aka caje ki. Shi ya sa jiya take nuna kuɗi cikakke da sayayya guntuwa: masu sayenta ba su gama dawowa ba. Idan ba ki canza saitin ba, ana ci gaba da ƙirgawa har kwana 30 bayan dannawa, ana kuma iya tsawaita shi zuwa 90. Kayan ɗaki ba abu ne da ake saye a tsaye ba, don haka jinkirinki zai fi na mai sayar da ƙananan kaya.

Sadiku: Ai wannan mai sauƙi ne. Ki ƙara ginshiƙin `Conversions (by conv. time)`, shi yana sa kowace sayayya a ranar da aka yi ta. Tun da na koma kansa ban sake ganin wannan ramin ba.

Malam Isa: Sadiku, ramin ya ɓace da gaske, amma ka kula da abin da kake rabawa idan kana lissafin kuɗin kowace sayayya. A wannan ginshiƙin, sayayyar yau ta fito ne daga dannawar kwanakin baya, kuɗin kuma na yau ne. Muddin kasafi bai motsa ba, babu matsala sosai. Ka ninka kasafi yau ka gani: kuɗi zai ninka nan take, sayayya ba za ta biyo ba sai bayan kwanaki, sai ka ɗauka ƙarin bai yi amfani ba. Ita kuma Hajiya da ta rage kasafi, da wannan ginshiƙin ta duba da ya nuna mata kamar ta yi dabara, alhali ribar kuɗin makon da ya wuce ce ke shigowa.

Bilki: Bari in faɗi yadda nake yi, domin ni sai da na riƙa rubutawa da hannuna na yarda. Wata guda na yi, kowace safiya ina kwafe adadin kowace rana a takarda, in ga yadda rana ɗaya take girma. Abin da na samu a nawa shagon: idan rana za ta ƙare da sayayya 40, washegari 20 take nunawa, bayan kwana uku 28, bayan mako 36, sai wajen mako biyu take tsayawa a 40. Wato rabi, sannan kashi 70, sannan kashi 90.

Yanzu a ce na kashe 1,000 jiya, rahoto ya ce sayayya 20. A ido kowace sayayya ta ci 50, ninki biyu na 25 da na saba. Amma na san rabi ne kawai ya iso, sai in raba:

```
20 / 0.5 = 40
1000 / 40 = 25
```

Lafiya lau ke nan, ba na taɓa komai. Inda lissafin ya fi yi mini amfani shi ne ranar da matsalar ta gaske ce. Akwai ranar da ta kwana uku tana nuna 21 a maimakon 28. Na raba 21 da 0.7, ya ba ni 30, ba 40 ba. Da na bincika, kujerar da aka fi saye ce ta ƙare, talla kuma tana ta kai mutane shafinta. Da na ce ai jinkiri ne na yi shiru, da na yi mako biyu ina zuba kuɗi. Ka'idata ita ce in kwatanta rana mai kwana uku da wata rana lokacin da ita ma take da kwana uku, ba da wadda ta riga ta cika ba.

Malam Isa: Madalla Bilki. Wanda ba zai iya jiran wata guda ba, ya shiga `Segment`, sannan `Conversions`, ya zaɓi `Days to conversion`. Amma ya ɗauki kwanakin da suka wuce wa'adin ƙirgawa gaba ɗaya. Idan ya haɗa da makon nan, masu saurin saye kaɗai zai gani, sai jinkirin ya fito gajere fiye da yadda yake.

Garba: Ni ma haka ta faru da ni, sifili na gani kwana huɗu a jere. Ashe wanda ya gyara mini shafin biyan kuɗi ne ya goge lambar bibiya, wadda ke sanar da Google idan an yi sayayya. Hajiya ki sa a duba miki shafin.

Bilki: Yaya Garba, naka daban ne, nata ai ya cika da kansa. Jinkiri gangara yake yi a hankali, kuma kullum a kwanakin ƙarshe yake, yana matsawa gaba tare da kalanda. Lalacewar bibiya faɗuwa take yi rana ɗaya ta zauna a nan. A nan ginshiƙin Sadiku yake da amfani: idan shi ma ya faɗi ƙasa alhali oda tana shigowa shago, bibiya ce ta lalace.

Hauwa'u: Mu namu ya fi rikitarwa. Mutane suna cike fam, a kira su a waya, ciniki ya faɗa bayan kwanaki, kuma sai ranar Litinin ake ɗora bayanan cinikin cikin asusun. Saboda haka jinkirinmu biyu ne, na mai saye da namu. Ranar Lahadi rahoton makon kamar kango, Talata ya cika. Shugabanmu yana son rahoto duk Juma'a. Na fara ja masa layi a kan kwana goma na ƙarshe ina rubuta “ba su cika ba tukuna”, duk da haka idonsa can yake fara sauka.

Rabi: Na gode ƙwarai. Amma Bilki, ni sayayyata uku ce ko huɗu a rana. Idan jiya ta nuna 1, in raba da rabi in ce 2? Idan ta nuna 2 in ce 4?

Bilki: Gaskiya a wannan adadin rana ɗaya ba za ta gaya miki komai ba, mutum ɗaya yana juya lissafin. Ki haɗa mako-mako, ki bar makon ƙarshe a gefe.

Sadiku: To idan ta jira mako biyu kafin kowane hukunci, kamfen ɗin kuma da gaske ya lalace, wa zai biya asarar?

Malam Isa: Tambayarka tana kan hanya, kuma ba ni da amsa guda. Ni ina duba abin da ba ya jinkiri sosai: yawan dannawa, kuɗin kowace dannawa, da masu sa kaya a kwando. Idan waɗannan suna nan yadda suke, ina jira. Sai dai na taɓa ganin kwando cike ba a biya ba. Kuma lokacin rangwame mutane suna saye da wuri, kason Bilki sai ya kumbura hasashe.

Rabi: Na mayar da kasafin yadda yake da. Zan fara rubuta adadin kowace safiya daga gobe, in dawo muku da abin da na gani bayan mako biyu in sha Allah.