Gajeren wuya da faɗin kafaɗa: wane wuyan riga zan yi wa leshin dina?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. An fitar da ankon dinar ƙanwata, leshi ne mai dutse. Wuyana gajere ne, ga faɗin kafaɗa. Rigar sallata bot nek aka yi mini, a hoto na fito kamar an ɗora kaina a kan faranti. Wane wuya zan ce wa tela? Ba na son ƙirji a waje.

Ƙawar amarya: Of sholda kawai, sista. Wuyanki zai fito zar.

Anti mai ɗinki: Wuyan zai fito, gaskiya ne, amma kafaɗar fa? Of sholda da bot nek duk layi ne a kwance, ido yana binsa daga wannan kafaɗa zuwa waccan, sai faɗin ya ƙaru. Ke layin da ke gangarowa ƙasa kike nema. Ƙanwata, ki ce a yi miki wuyan V, kuma kada ki tsaya a sunan, ki ba shi awo. Faɗi inci 3 zuwa 3 da rabi a kan ninki, zurfi inci 7, a auna daga inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Faɗin ya kai inci 5, kin koma gidan jiya.

Abu ɗaya da ke ɓata V shi ne hangamewa. A karkace ake yanka gefensa, shi ya sa yadin ke miƙewa. A sa gam a bakin wuyan tun kafin a haɗa lainin. Ranar gwaji ki sunkuya gaban madubi. In ya buɗe har yatsu biyu sun shige, a mayar a tsuke. Kuma ban da soson kafaɗa, ban da hannu mai kumburi a sama. In kina son ado, hannun ya buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa.

Hajiya: Ni dai shawarata kada ki sa sarƙa mai shaƙe wuya. Siririya mai tsawo ta fi.

Mai tambaya: Hajiya wuyan riga nake nufi, amma na gode, da ma ita na yi niyyar sawa! Anti, inci 7 bai yi ƙasa ba?

Anti mai ɗinki: Ya danganta da ƙirjinki. Ki ɗora tef ki gani da idonki. In ya yi miki ƙasa, a cike ƙasan V ɗin da net.

Wata 'yar uwa: Hattara da net ɗin nan. Ni baƙa ce, tela ya sa mini mai haske, sai ya fito kamar na liƙa filasta a ƙirji. Ki je kasuwa da kanki, ki ɗora shi a fatarki a hasken rana.

Ƙawar amarya: Ni dai har yanzu ina kan of sholda ɗina. Ai mayafi zai rufe kafaɗar.

Wata 'yar uwa: Mayafin da ake ajiyewa a kan kujera da an fara liƙi?